Murya ta Ƙofar Waya: Dalilin da Kira Ke Sirancewa, Saƙon Murya Kuwa Ya Fito Cikakke

(Kiɗan buɗe shiri)



Yau zan fara da abin da kunnuwanku suka daɗe da sani, ko da ba ku taɓa tsayawa kun tambayi dalilinsa ba. Duk lokacin da muka buɗe layi a wannan gidan rediyo, kuna jin muryata a cike, kamar muna zaune a tabarma ɗaya. Da zarar mai kira ya shigo ya yi sallama, sai ku ji tasa muryar ta fito siririya, a matse, kamar yana magana ta cikin gwangwani. Ko ba a faɗa muku ba, kun san wannan ta waya yake magana. Amma idan mutumin nan, da wayarsa ɗin nan, a ɗakinsa ɗin nan, ya turo mana saƙon murya ta WhatsApp muka saka a iska, sai ku ji ya matso kusa, har numfashinsa ana ji. Mutum ɗaya, waya ɗaya, makirfo ɗaya. To ina sauran muryar take tafiya idan kira ya yi?

Mutane da yawa sabis suke ɗora wa laifi, wasu kuma su ce wayar ce ta tsufa. Wani lokaci hakan ne, kuma za mu zo kansa. Amma ko sabis ya cika fal, ko wayar jiya aka ɓare ta daga kwali, kira na yau da kullum sai ya fito a sirance, domin da gangan aka yi masa ƙofa ƙarama.

Bari mu fara daga sautin kansa. Ɗora yatsunka a maƙogwaro ka ja "aaa". Abin da kake ji yana motsi a ƙarƙashin yatsunka girgiza ce, ita ce take kaɗa iska har ta iso kunnen mai sauraro. Idan girgizar tana tafiya a hankali, sauti mai kauri ake ji, irin na babbar ganga ko tambari. Idan tana da sauri, sauti siriri ake ji, irin na usur ko kukan gyare da dare. Masana suna ƙirga sau nawa abu yake girgiza a cikin sakan ɗaya, su kira ma'aunin haz, wanda za ku gani an rubuta Hz a takardar rediyo ko ta lasifika. Kunnen matashi mai lafiya yana kama sauti tun daga kimanin haz 20 har zuwa haz 20,000. Wannan ne filin ji gaba ɗaya.

Layin waya na gargajiya kuwa, daga haz 300 zuwa haz 3,400 kawai yake ɗauka. Abin da ya yi ƙasa da 300 a waje ake barinsa, abin da ya haura 3,400 shi ma haka. Ku ɗauka an kawo kaya niƙi-niƙi a kan amalanke, sai aka tarar ƙofar gidan ta mutum ɗaya ce. Dole a sauke na gefen dama da na hagu, a shiga da abin da ya fi zama dole. Wannan faɗin ƙofa shi ne maganarmu ta yau.

Injiniyanmu na nan tare da ni, kuma yana da na'urar da ke yanke sauti a inda aka ce mata. Malam, bismillah, fara cire mana na ƙasa, duk abin da bai kai 300 ba.

(Ana jin muryar mai gabatarwa, an cire kaurinta)

Kun ji? Kalmomina duk suna nan, amma ƙirjin muryar ya tafi. Tushen muryar namiji baligi yakan kasance tsakanin haz 85 zuwa 180, na mace kuwa tsakanin 165 zuwa 255. Ke nan tushen muryar kusan kowane babban mutum yana ƙasa da ƙofar waya. Shi ya sa dattijo mai murya kamar aradu, idan ya kira ka, sai ka ji ya koma kamar an rage masa jiki.

A nan akwai abin mamaki da ya shafe mu Hausawa musamman. Harshenmu na karin sauti ne. "Fari" na launi da "fari" na rashin ruwan sama, ko "wuya" ta jiki da "wuya" ta wahala, hawa da saukar murya ne suke raba su. Hawa da saukar nan kuwa a tushen murya suke. Idan waya ta yanke tushen, me ya sa ba ma rikita su? Dalilin shi ne murya ba girgiza ɗaya ba ce, tana tafe da 'ya'yanta. Mu ɗauki mutumin da tushen muryarsa haz 120 ne. Tare da 120 ɗin nan akwai 240, akwai 360, akwai 480, akwai 600, haka dai suke hawa, kowane ya ɗara na bayansa da 120. Waya ta zubar da 120 da 240, amma 360 da 480 da 600 sun shiga. Sai ƙwaƙwalwar mai sauraro ta lura cewa tazarar da ke tsakaninsu 120 ce, ta mayar masa da tushen da kunnensa bai samu ba. Idan mai magana ya ɗaga murya zuwa 150, tazarar ta koma 150, mai sauraro ya ji an hau. Da haka karin sautinmu yake tsira a waya. Ikon Allah ke nan a halittar ɗan Adam, kuma injiniyoyin waya sun dogara da shi tun da daɗewa.

Asarar da ta fi cutarwa a sama take. Malam, mayar mana da na ƙasa, ka cire duk abin da ya haura 3,400. Masu sauraro, ku kasa kunne, zan faɗi kalmomi biyu.

(An cire saman murya: "Sata. Fata. Sata. Fata.")

Wanne na fara faɗa? Na san wasunku sun yi shakka. Kalmomin nan biyu karin sautinsu ɗaya, wasulansu ɗaya, tsawonsu ɗaya. Harafin farko kaɗai ya raba su. Shi kuwa "s" ba daga maƙogwaro yake fitowa ba, iska ce take tsiyaya ta tsakanin harshe da haƙora, kuma mafi yawan ƙarfinta yana sama da haz 4,000. Wato "s" kusan gaba ɗayansa a bayan ƙofa yake tsayawa. Abin da ya rage ya shiga ɗan huci ne mara ƙarfi, shi kuwa "f" ma da ma ɗan huci ne. Sai su zama tagwaye a kunne. Haka "s" da "ts" suke kusantar juna, har "ya saya" da "ya tsaya" su nemi haɗuwa idan akwai hayaniya. Wasula kuwa, su "a" da "i" da "u", alamomin da ake gane su da su suna ƙasa da 3,400, shi ya sa suke wucewa lafiya lau.

To me ya sa duk da haka muke fahimtar juna? Domin zance yana taimakon kansa. Idan dillali a kasuwar fata ya ce maka "an kawo fata ɗari," ba za ka ji "sata" ba, saboda ka san inda maganar ta dosa. Matsala tana tasowa inda zance ba shi da abin da zai riƙe ka da shi: sunan mutumin da ba ka taɓa ji ba, sunan magani na Turanci, lambar mota, haruffan adireshi. Nan ne za ka ji mutum yana ta "na'am? sake faɗa," har ya koma yana cewa "sa na Sani, ba fa na Fatima ba." Wanda ya yi haka ba kurma ba ne, wayar ce ba ta kawo masa harafin ba.

Yanzu tambaya ita ce, wa ya yanke wannan hukunci, kuma don me?

Hukuncin ya girmi wayar hannu nesa ba kusa ba. A zamanin wayar tangaraho da igiyoyin tagulla, jan igiya daga gari zuwa gari kuɗi ne mai yawa, don haka kamfanoni suka nemi hanyar cusa kira da yawa a igiya ɗaya. Sai suka yanka wa kowane kira rumfa mai faɗin haz 4,000, aka jera rumfunan kusa da juna. Kira 12 suka shiga cikin haz 48,000. A cikin kowace rumfa murya ta ɗauki 300 zuwa 3,400, ragowar aka bar shi fili don kada maganar wani ta tsallaka cikin ta maƙwabcinsa. Da a ce an ninka faɗin kowace rumfa, da kira 6 kaɗai igiyar za ta ɗauka, kuɗin kira kuma ya tashi. An gwada a kunnuwan mutane, aka ga wannan faɗi ya isa a gane magana a kuma gane mai maganar. A ganina masu wannan lissafi ba su yi laifi ba. Da abin da ke hannunsu suka yi aiki, kuma sun sada duniya da juna.

Da aka koma mayar da murya lambobi, sai aka gina sabon tsarin a kan tsohon ma'auni. Ga yadda ake yi. Na'ura tana auna sautin muryarka sau da yawa a cikin sakan, kamar mai ɗaukar hoto a jere, ta rubuta kowane awo da lamba. Akwai ƙa'ida tabbatacciya a wannan ilimi: in kana son kama girgiza, sai ka auna fiye da ninki biyu na saurinta. Layin waya yana auna murya sau 8,000 a sakan, saboda haka ba zai taɓa kama abin da ya wuce haz 4,000 ba. Kowane awo ana rubuta shi da bit 8, wato ƙwayoyin bayani 8. Idan ka ninka 8,000 sau 8, ka samu bit 64,000 a sakan. Wannan ne ma'aunin da hukumar sadarwa ta duniya ta tsayar a 1972 da sunan G.711, kuma a kansa aka gina manyan na'urorin musayar kira a ƙasashe.

Ku riƙe wannan da kyau, domin shi ne ƙashin bayan maganar. Abin da ba a auna ba tun farko, babu mai dawo da shi. Ko ka haɗa wayarka da lasifikar biki, "s" ɗin da aka bari a bakin ƙofa ba zai fito ba. Ƙara murya kawai za ka yi wa abin da ya rage.

Da wayar hannu ta GSM ta zo, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, sai matsi ya ƙaru. Iska ta fi igiya ƙunci. A tsarin GSM, mutum 8 ne suke karɓa-karɓa a tasha ɗaya ta rediyo tsakaninsu da turken sabis, kuma babu wurin bit 64,000 ga kowa. Sai aka matse murya zuwa kimanin bit 13,000 a sakan. Wayar tana yanka maganarka gunduwa-gunduwa, sau 50 a kowane sakan, kuma ba ta aika sautin yadda yake. Bayaninsa take aikawa: ga kaurin murya, ga siffar baki, ga ƙarfi. Wayar ɗaya gefen sai ta sake ƙera murya daga wannan bayani. Tsarin da ya biyo baya, mai suna AMR, yana da matakai 8, daga bit 12,200 har ƙasa zuwa 4,750. Idan sabis ya yi rauni, ko jama'a suka yi yawa a turke ɗaya kamar ranar kasuwa ko ranar idi, sai a sauko da kai mataki na ƙasa don kada kiran ya yanke. Lokacin ne kake jin murya tana rawa kamar ana magana a cikin ruwa. Ku lura, wannan cuta ce daban da ƙuncin ƙofa, sai dai sau da yawa tare suke zuwa.

To saƙon murya fa, me ya samu da kira bai samu ba?

Na farko, bai gaji tsohuwar ƙofar ba. Ba ta layin kira yake bi ba, ta data yake tafiya a matsayin fayil, kamar hoto. WhatsApp yana amfani da wani tsarin matse sauti mai suna Opus, wanda aka tsayar da ƙa'idarsa a 2012, kuma shi ba a ɗaure shi da awo 8,000 ba. Da zarar an auna murya sau 16,000 a sakan, rufin ya tashi daga haz 4,000 zuwa 8,000. Nan take "s" ya samu wurin shiga, ƙasan muryar ma ba a datse shi a 300 ba, sai ƙirji ya dawo.

Na biyu, kuma wannan mutane ba su cika lura da shi ba, saƙon murya ba ya gaggawa. Kira abu ne na nan take. Idan maganarka ta yi jinkirin da ya wuce ɗan ɓangaren sakan kafin ta isa, sai ku fara cin karo, kai ka yi magana shi ma ya yi. Saboda haka gunduwar da ta lalace a hanya babu lokacin sake aiko ta. Wayar sai dai ta yi ciko da abin da ya yi kama da gunduwar baya, ko ta bar gurbi. Saƙon murya kuwa, sai ka gama magana tsaf, a naɗe shi, a aika. Idan wani yanki ya ɓata a hanya, a sake tura shi har sai ya isa. Shi ya sa a ƙauyen da sabis yake sanda ɗaya za ka ga saƙo ya yi minti biyar yana juyawa, amma idan ya sauka sai ka ji shi garau. Rashin sabis ya ci masa lokaci, bai taɓa muryar ba.

Kada wani ya ɗauka kira ba zai iya gyaruwa ba. An riga an gyara shi. Akwai tsarin da ake kira AMR-WB, wanda yake auna murya sau 16,000 a sakan, ya ɗauki sauti daga haz 50 zuwa 7,000. Shi ne idan yana aiki wasu wayoyi suke nuna HD a fuskarsu lokacin kira. Ga abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk wannan bayani: matakin da aka fi amfani da shi a wannan tsari bit 12,650 ne a sakan, alhali tsohon mai ƙunci, a matakinsa mafi kyau, 12,200 yake ci. Bambancin bai taka kara ya karya ba, amma faɗin ƙofar ya ninka. Ke nan siririyar muryar da muke ji yau gado ce daga tsofaffin na'urori da tsofaffin yarjejeniyoyi, ba wai iska ta kasa ɗaukar cikakkiya ba.

Sai dai wannan faɗi yana da sharaɗi mai tsauri: dole kowace gaɓa ta hanyar ta yarda da shi. Wayarka ta iya, wayar wanda ka kira ta iya, kamfaninka ya kunna shi, nasa kamfanin ya kunna, mahaɗar da ke tsakanin kamfanonin biyu ita ma ta bar shi ya wuce. Gaɓa ɗaya ta gaza, kiran duka ya koma 3,400. Shi ya sa za ka kira matarka da kuke layi ɗaya ka ji ta kamar tana gefenka, ka ajiye ka kira ƙaninka da ke wani layin, ko mai ƙaramar waya ta tsohon yayi, ka ji an koma gwangwani. Har na'urar kunne ta Bluetooth tana iya zama gaɓar da ta gaza, domin tsofaffinsu suna kunna waƙa da kyau, amma da an shiga kira sai su sauko awo 8,000.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Wata baiwar Allah tana ƙorafi cewa duk wanda ta kira sai ya ce ba ya jin ta sosai, har tana shirin sayar da wayar. Kafin ta je wurin mai gyara, ga abin da za ta yi a gida ba tare da kashe ko kwabo ba. Ta shiga ɗaki mara hayaniya, ta naɗi saƙon murya tana cewa "sata, fata, shara, tsara," sannan ta saurara. Idan kalmomin sun fito tas, kowane harafi da kaifinsa, to makirfonta lafiya yake, laifin yana hanyar kira. Idan kuwa saƙon ma ya fito a dushe, kamar ta rufe baki da mayafi, to matsalar a wayar take. Ta duba ɗan ramin makirfo da ke ƙasan wayar, domin ƙurar hunturu da datti suna toshe shi, wani lokaci ma rigar wayar ce ta rufe shi. Ta share da burushi mai laushi, kada ta zura allura, don allura tana huda abin da ke ciki.

Mu ce saƙon ya fito tas. Sai ta kira wani ta tambaye shi yadda yake jin ta. Idan ya ce muryar siririya ce amma a tsaye take, ba ta rawa ba ta yankewa, wannan ƙuncin ƙofa ne kawai, babu abin da ya lalace, mai gyara ba shi da abin da zai yi mata. Idan ya ce muryar tana rawa ko tana fita kamar ta ƙarfe, an sauko da ita matakin ƙasa ne, ta matsa kusa da taga ko ta fita tsakar gida ta sake gwadawa. Idan kuma kalmomi ne suke ɓacewa ɗungurungum, gunduwoyi ne suke zubewa a hanya, shi ma maganar sabis ce. Daga nan, in wayarta mai 4G ce, ta shiga saitin layi ta duba ko akwai VoLTE, ta kunna shi idan kamfaninta yana bayarwa, domin kira mai faɗi ya fi samuwa ta nan. In tana sanye da na'urar kunne, ta cire ta sake kira, ta ji ko an samu bambanci.

Ina da roƙo ga masu sana'ar da kuskuren harafi ɗaya yake jawo asara a cikinta: mai shagon magani da ake karanto masa suna ta waya, direban da ake ba adireshi, ɗan kasuwar da ake faɗa wa lambar asusu. Don Allah kada ku dogara da kira shi kaɗai a irin wannan. Ku ce a turo a rubuce. In mai turowar bai iya rubutu ba, ya yi saƙon murya a wuri mara hayaniya, ya faɗa a hankali sau biyu, ku kuma ku maimaita masa abin da kuka ji kafin ku miƙa magani ko ku tura kuɗi. Haka nan idan kuna waya da iyayenmu tsofaffi, ku sani cewa shekaru sun riga sun rage musu jin sauti siriri, ga waya kuma ta ƙara datse shi. Ɗaga murya ba ya dawo musu da harafin da ya ɓace. Ku sassauta magana, ku raba kalmomi, in wata ta ƙi shiga ku sauya ta da wata mai ma'anarta.

Yanzu za mu buɗe layi. Duk wanda ya samu shiga, bayan sallama ya faɗa mana "sata" ko "fata," ɗaya daga ciki, kada ya gaya mana wadda ya zaɓa, mu nan ɗakin shiri da sauran masu sauraro mu gwada ganewa. Malam injiniya, ba mu mai kira na farko.

(Kiɗa a hankali, ƙarar shigowar kira)